Haddam na cin gonarmu a gwiwar Dindir, wai kogin zai yanke ya bar mu?

Isiyaku Dindir:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min da bayani, abin ya dame ni. Gonarmu ta gado tana bakin kogin Dindir daidai wurin da ya yi gwiwa, kuma duk shekara sai haddam, wato ruftawar gaɓa, ya ci wani abu, bana kam mangwaro biyu da gwaiba ɗaya suka rufta har da dakalin siminti da marigayi Baba ya zuba wa babur ɗin ban ruwa. Lokacin da aka zuba dakalin nan shekara 9 ke nan, ni na riƙe igiyar awo, mita 45 ne tsakaninsa da gaɓa. Abin haushin kuma tsallake, ɗaya gefen, ƙasa sai ƙaruwa take yi, mutanen can har kankana suke shukawa a inda muke wanka muna yara. Yanzu wani dattijo ya ce min in daina damuwa da mangwaro, kogin ma gaba ɗaya zai yanke ta bayan gonar ya bar mu da maya, wato tafkin da ke saura a tsohuwar hanyarsa. Gaskiya ne ko zancen tsofaffi ne kawai?

Sani Jidda:
Wa alaikumus salam. Ai ba sai an faɗa ba ya zol, aikin dam ɗin Saddun Nahda ne. Tun da Habasha suka fara tare ruwa a 2020 ruwan ya zama garau ba laka, ruwa mara laka kuma yunwa gare shi, gaɓa yake ci. Kowa na kuka da shi

Malam Haruna Madani:
Sani maganarka tana da ƙamshin gaskiya amma ba a nan ba. Dindir bai bi ta dam ɗin ba ko kaɗan. Daga duwatsun Habasha yake saukowa ta hanyarsa daban, sai can ƙasa da Sinnar yake faɗawa Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, haka ma Rahad sai kusa da Madani. Da mutumin Mai Wurno ne ko Sinja ya yi tambayar da na tsaya na saurare ka. Kuma lura ya ce shekara 9, ai abin ya riga dam ɗin.

Isiyaku ɗana, kafin in ce komai amsa min uku. Faɗin kogin nawa ne a wurinku? In ka bi gaɓa daga inda gwiwar ta fara har ta zagayo tafiyar nawa ce? Sannan in ka yanke ta tudu, ta wurin da ya fi matsewa, taku nawa ne daga ruwa zuwa ruwa?

Isiyaku Dindir:
Kawu faɗi zai kai mita 100 ko ya ɗan fi. Zagayen kuma wajen kilomita 3 ne don da ƙafa sai na yi minti 40 ina bin yashi da rani. Wuyan na auna shi jiya da ƙanena, mita 120 ya rage, kuma gonarmu tana kan wuyan ne ta gefen da ruwa ke fara bugowa. Ta ɗaya gefen wuyan ma yana ci amma bai kai namu ba, maƙwabcinmu ya ce kamar mita 3 a shekara

Malam Haruna Madani:
To dattijon nan bai yi ƙarya ba. Bari in fara daga abin da ya sa naku ke tafiya na tsallake ke ƙaruwa, don abu ɗaya ne ke yin duka biyun.

Gobe da safe in an kawo shayi, a kofin gilashi, ka bar ganyen a ciki ka juya da cokali ka cire cokalin ka zuba ido. Hankali zai ce maka ganyen zai watse gefe. Ba ya watsewa, taruwa yake yi a tsakiyar gindin kofin. Dalili shi ne ruwan da ke saman kofin yana gudu, yana tura kansa bango har ya ɗan tashi a can, ruwan ƙasa kuwa gindin kofi na riƙe shi ba ya gudu sosai, sai nauyin wanda ya taru a bango ya danno shi ya komo ciki ta ƙasa, ya sharo ganyen. Einstein ma ya yi rubutu a kan wannan a 1926, da kofin shayin ya yi bayanin gwiwar kogi.

Haka ruwa ke yi a gwiwarku. Na sama mai ƙarfi yana nufo gaɓarku ya buga ya nutsa, ya kwakule gindinta, sai ya bi ƙasan kogi ya koma tsallake a hankali yana jan yashi, yana murɗawa kamar igiya yana gaba. Shi ya sa gefenku zurfi da gaɓa a tsaye kamar katanga, gefensu kuma gangare mai laushi. Duk mitar da aka ci a wajenku sai an gina kusan mita a wajensu, shi ya sa faɗin kogin bai canja ba tun kana yaro, matsawa kawai yake yi.

Isiyaku Dindir:
Ashe dai ƙasarmu ce suke nomawa!! Na faɗa wa ƙanena

Malam Haruna Madani:
Hhh a'a kar ka ɗauki sanda tukun. Ƙasar da ta rufta daga gaɓarku yawancinta ba ta tsallakawa, gaba take yi. Mai laushin ruwa ya tafi da ita nesa, yashin kuma yakan sauka a cikin gwiwa ta gaba, sau da yawa ma a gefenku ɗaya. Abin da suke shuka kankana a kai na wani bawan Allah ne da ke sama da ku.

Baffa Ɗanjuma Mai Wurno:
Malam Haruna ya faɗi daidai, mu masunta ba mu san shayi ba amma mun san inda ake sa koma. Duk gwiwa, gindin gaɓa mai tsayi nan ramin yake, nan manyan kifi ke kwana da rani, can tsakanin gwiwa da gwiwa kuma inda ya miƙe nan ne mashigi, nan shanu ke tsallakawa. Abin da zan ƙara wa yaron nan, haddam ba ya faɗuwa ranar da ruwa ya cika. Sai damira, wato cikar kogi, ta fara janyewa. Ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwan da ke tokare da ita ya sauka ya bar ta, sai ka ji dam! cikin dare kamar an harba igwa. Ni da idona na ga gaɓa ta tafi da jaki a ɗaure. In ka ga tsaga ta bi tsawon gaɓa, taku biyu ko uku daga baki, duk abin da ke tsakanin tsagar da ruwa ba naka ba ne kuma, kwashe kayanka

Isiyaku Dindir:
Wallahi Baffa haka aka yi, ƙarshen watan 9 ne, kuma akwai tsagar tun kafin nan har hannu na shiga, mun ɗauka irin tsagewar ƙasar rani ce

Ummu Walid Kasala:
Ku yi musu taras mana kamar yadda aka yi mana a Gash, a zuba duwatsu a ɗaure da waya. Mu nan in ba don taras ba ai da tuni ruwa ya share garin, 2003 ba wanda zai manta. Ku haɗa kuɗi ku ɗauko loda ta tura ƙasa

Malam Haruna Madani:
Hajiya Gash wata dabba ce daban. Shi yashi ya yi masa yawa, gangarensa da ƙarfi, gaɓarsa ba ta da danƙo, sai ya bazu ya rarrabu yana cike cikinsa yana tashi sama, matsalarku ambaliya ce ta saman gaɓa. Su kuma ta ƙasa ake cin su. Ka tura ƙasa a saman gaɓar da ake kwakule gindinta nauyi kawai ka ƙara mata. Kogi ba ya yin irin wannan lanƙwasar sai ya samu fili shimfiɗaɗɗe da gaɓa mai yumɓu da za ta iya tsayawa, shi ya sa Dindir da Rahad suke kamar maciji in ka duba taswira a waya.

Zainab A.:
Kawu mu a makaranta na tuna an ce juyawar duniya ce ke sa koguna karkata gefe ɗaya, ko ba shi ba ne asalin? Kuma ni a ganina dole akwai abin da ya tare shi tun farko, dutse ko itace, in ba haka ba me zai hana ruwa miƙewa

Malam Haruna Madani:
'Yata juyawar duniya tana da tasiri a iska da teku, amma a kogi mai faɗin mita 100 ƙarfinta bai kai ya kawo ba, kuma da ita ce da duk gwiwoyin gefe ɗaya za su yi, alhali dama da hagu suke bi da bi. Na biyun kin kusa. Itace ko dunƙulen yashi na iya fara abin, amma ba sai da su ba, ƙaramar karkata ta isa, da zarar ruwa ya ɗan jingina gefe murɗawar nan ta fara, ita kuma ciyar da kanta take yi. Shaidar cewa ba dutse ke tsara shi ba ita ce girman gwiwoyin yana bin faɗin kogin. Daga gwiwa zuwa wadda ta sake komowa gefenta yawanci faɗin kogi sau 10 zuwa 14 ne. Na su Isiyaku mai mita 100 za ka samu kilomita ɗaya da ɗan wani abu, ƙaramin kwari bayan gari kuma nasa 'yan taku ne. Buɗe taswira ki gwada a Rahad ki gani.

Yanzu lissafin wuyan. Mita 45 a shekara 9, mita 5 ke nan a shekara. Ɗaya gefen 3. Jimla 8. Raba 120 da 8 ka samu shekara 15. Amma kar ka riƙe 15 ɗin nan kamar alkawari, don kogi ba ya ci daidai wa daida, shekara uku zai yi shiru ta huɗu ya kwashe mita 20. Kuma ba lallai ya jira gaɓa ta haɗu da gaɓa ba. Duba nan: ruwan da ke zagaya kilomita 3, a ce yana sauka santimita 20 a kowace kilomita, misali nake bayarwa ban auna naku ba, to tsakanin wannan gefen wuyan da wancan akwai bambancin santimita 60. Wannan 60 ɗin a zagaye an shimfiɗa ta a kan mita 3000, ta wuyan kuwa a kan mita 120 kawai. Gangaren ya ninka sau 25. Ranar da babbar damira ta hau saman wuyan, ruwan zai zubo ta can gefen kamar daga indararo, ya fara yanka daga ƙasa yana cin baya baya har ya iso gefenku. Wani lokaci damira ɗaya ta isa.

Don haka abin da zan tambaye ka ya fi lissafin muhimmanci. Ruwa ya taɓa hawa wuyan? Akwai wani kwari-kwari ko hanyar shanu da ta ratsa shi?

Isiyaku Dindir:
Innalillahi. A 2020 ya hau, ya kai gwiwar mutum kwana uku. Kuma akwai hanyar karo, wato amalanke, da ake bi ɗebo yashi, ta lotsa sosai, ta can ƙarshenta ma akwai wani rami da ya fara tun shekarar, muna zuba shara a ciki

Malam Haruna Madani:
To ramin nan shi ne bakin wuƙar. Manta da 15. Ku hana karo bi ta nan, kar a sare ko itace ɗaya a kan wuyan, a bar ciyawa ta kama, kuma ku daina ban ruwa dab da baki don jiƙa gaɓa daga sama taimakon haddam ne. Wannan jinkirtawa ne kawai. Dutse da waya yana aiki in an sa shi a gindin gaɓa har ƙasa da zurfin da ruwa ya kwakule a wurin, aka kuma rufe gwiwar duka, amma wannan ba kuɗin gida ɗaya ba ne, na sha ganin an zuba tifa biyu uku a gaban gona ruwa ya zagaya ta bayansu ya bar su tsibiri.

Sani Jidda:
To in ya yanke ai ma gaba ta kai shi, ya samu tafki a ƙofar gona kyauta, kifi da ruwan rani. Ni da murna zan yi

Baffa Ɗanjuma Mai Wurno:
Ɗana gonar tasa a kan wuyan take, ta cikinta za a wuce, wace murna. Masu murna su ne na cikin zagayen, su ma na ɗan lokaci. Maya ba ta dawwama. Akwai wadda muke kamun kifi a ciki ina saurayi, jirgi na shiga, yau bagaruwa ce a wurin ka rantse ba a taɓa ruwa ba sai dai in ka lura dajin a lanƙwashe yake kamar lauje

Malam Haruna Madani:
Haka ne Baffa. Da ya yanke, ruwan tsohuwar hanya zai rage gudu, yashi ya fara toshe bakin sama, wannan cikin 'yan shekaru ne, bakin ƙasa yakan daɗe a buɗe ruwa na komowa ta nan. Bayan nan ba abin da ke shiga sai ruwan ambaliya mai ɗauke da laka mai laushi, ta kwanta shekara bayan shekara, tafki ya zama fadama, fadama ta zama daji. Dazuzzukan sunut, wato bagaruwa, da ke bin Bahar Azrak daga Rusairis zuwa Sinnar da yawansu a irin waɗannan kwaruruka suke, don bagaruwa na jure tsayuwa cikin ruwa wata da watanni. Mayoyin gandun dajin Dindir ma, wanda aka kafa tun 1935, da dama tsofaffin gwiwoyi ne, su ke riƙe namun daji da rani in kogin ya tsaya ya koma yashi da 'yan kududdufai, kuma kukan da ake yi a can shi ne suna cikewa.

Sannan ku gaya wa na sama da ku su shirya. Kogin ya gajarta da kusan kilomita 3, gudunsa zai ƙaru a wurin, zai haƙa cikinsa ya ci gaɓa ta sama, yashin da ya kwaso kuma ya jibge wa na ƙasa.

Adamu Mai Kamina:
Ni tambayata daban ce Malam. Mu masu bulo mun san ba kowace laka ce laka ba. Ta bakin gaɓa gari-gari take bulo ya fito da kyau in an haɗa da zibala, wato kashin dabbobi, in ka matsa baya can cikin kwari baƙa ce mai danƙo tana bushewa ta tsage. Kogi ɗaya ya kawo su, me ya raba?

Malam Haruna Madani:
Nauyi ya raba su Adamu. Ɗebo ruwan damira a gorar roba ka girgiza ka ajiye. Yashi zai zauna kafin minti ɗaya, tami, wato laka mai laushi gari-gari, sai awa ɗaya zuwa biyu, yumɓu kuwa ka kwana biyu ruwan bai washe ba. In kogi ya fita daga cikinsa, gudun yana mutuwa nan take a bakin gaɓa, sai mai nauyi ya sauka a nan, shi ya sa bakin kogi ya fi bayansa tudu, mutane na mamaki ruwa ya cika bayan gari alhali bakin bahar a bushe. Mai laushin ya wuce can baya inda ruwa ke kwanciya makonni. Jarfu, wato ƙasar bakin kogi da ruwa ke janyewa ya bari, na noman albasa da tumatir shi ne na tsakiya, yana riƙe danshi kuma saiwa na ratsa shi. Baƙar ƙasar Jazira kanta tsohuwar lakar Bahar Azrak ce ta dubban shekaru.

Ƙarfinta daga baƙin dutsen Habasha ne da ya ruɓe, sabuwar ƙasa ce da ba a taɓa nomawa ba. Amma mutane na zuzuta ta fiye da kima, ba ta da sinadarin da yuriya ke bayarwa sosai, rabin albarkar jarfu danshin da ruwa ya bari ne.

Baffa Ɗanjuma Mai Wurno:
Nan kam ban bi ka ba Malam. Shekara 50 muna noma jarfu ba mu san buhun taki ba. Yanzu ruwa na zuwa fari, kwarya in ka ɗeba kana ganin gindinta a watan 8, da kuwa kamar kunun kanwa. Danshin yana nan amma masarar ba ta yi kamar da. Kai ka ce rabi, ni na ce laka ce duka

Sani Jidda:
Yawwa! Ga maganata ta dawo. Dam ɗin ne

Malam Haruna Madani:
A Mai Wurno na yarda da kai Sani, laka ta ragu, ko da yake tun dam ɗin Rusairis a 1966 aka fara tare wani kaso, aka ƙara masa tsayi mita 10 a 2013. Abin da ba zan sa hannu a kai ba shi ne haddam zai ƙaru ko zai ragu. Ruwa garau yana ci, gaskiya ne, amma kuma damira ba ta hawa can sama ta faɗo da sauri kamar da, wannan kuma sauƙi ne ga gaɓa. Wanne zai rinjayi wanne, mu da muka yi aikin ruwa ma muna musu a kai. Baffa kuma ba zan ja da mai shekara 50 a jarfu ba, sai dai in ce ka gwada kunya biyu bana, ɗaya da yuriya ɗaya babu, ka ba mu labari.

Isiyaku Dindir:
Na gode ƙwarai Kawu, Allah ya saka. Saura abu ɗaya da ke cin raina. In ya yanke, ragowar gonarmu da fadan 4, wato kusan eka 4, na ƙanen Baba da ke cikin zagayen za su koma tsallaken sabon kogin, manne da ƙasar mutanen can in tsohuwar hanya ta cike. Na wa ke nan? Kuma cikin mayar kanta in ta bushe?

Adamu Mai Kamina:
Ai haƙƙin gusad ne, abin da ya fito daidai gabanka naka ne har tsakiyar ruwa, haka muka taso muka gani

Ummu Walid Kasala:
Wane tsakiyar ruwan, tsohon ko sabon? Nan fa rigimar take. Isiyaku in kuna da takarda ku nemo ta tun yanzu, in babu ku tara dattawan ɓangarorin biyu a kafa alama kowa na gani tun ruwa bai yanke ba, na ga 'yan'uwa sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba

Isiyaku Dindir:
Takardar Baba tana nan amma iyakar da aka rubuta ta gabas "bahar" ce kawai, ba a ce wanne ba. Zan je wurin sheikin gari ranar Juma'a. Kawu Haruna in na turo maka hoton ramin za ka iya gane ko damirar bana za ta iya da shi?

Malam Haruna Madani:
Turo, amma ka tsayar da ƙanenka a ciki in ga zurfin. Ka kuma kafa turke a bakin ramin na sama da wani a taku 10 bayansa, in an yi ruwan sama na farko ka sake aunawa.